Kafin mai kanti ya saki lambar rangwame, ya fara lissafa iyakar asarar da za ta jawo masa

Duk lokacin da Sallah ta gabato ko aka shiga ƙarshen Nuwamba, sitatus ɗin WhatsApp da shafukan Instagram na masu sayar da wayoyi da kayan haɗinsu kan cika da sanarwa iri ɗaya: a saka lamba kaza a samu ragin kashi kaza. Ƙirƙirar irin wannan lamba a WooCommerce ko Shopify ba ya cin minti biyu, kuma a nan matsalar take. Mai kanti yana kallon lambar a matsayin talla, alhali alkawarin kuɗi ce da ya sa wa hannu ya miƙa wa duk wanda ya gan ta. Idan bai rubuta ranar da alkawarin zai ƙare ba, bai faɗi sau nawa mutum ɗaya zai ci moriyarsa ba, bai kuma yanke ko za a haɗa shi da wani rangwamen ba, to ya bar wa masu saye su yanke masa adadin kuɗin da zai rasa.

Ma'aunin lamba mai kyau guda ɗaya ne. Kafin a sake ta, mai kanti ya iya faɗin mafi yawan kuɗin da za ta iya cinye masa idan komai ya tafi ta hanyar da ba ya so. Wanda ba zai iya faɗin wannan adadi ba, lambarsa ba ta gama tsaruwa ba. Kuma idan kwastomomi suka gano ɓarakar suka yi amfani da ita, bai dace a kira su macuta ba, domin abin da shafin ya yarje musu suka yi.

## Yadda fawa bank mai riba ke komawa asara

A ɗauki misalin mai shago a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano, wanda ya buɗe kanti a intanet da WooCommerce. Yana sayo fawa bank, wato batirin tafi-da-gidanka na cajin waya, a kan naira 19,000, yana sayarwa naira 25,000. Ribarsa naira 6,000 ce a kan kowanne.

A watanni daban-daban ya yi abubuwa huɗu, kowannensu da ma'anarsa idan aka duba shi shi kaɗai. Ya daɗe da kunna kai kaya kyauta ga duk wanda sayayyarsa ta kai naira 20,000, kuma kai kaya na cin masa naira 2,500. Tun ranar da ya buɗe kantin akwai lambar `SABO` mai rage wa sabon kwastoma naira 2,000. Da Sallah ta matso sai ya sauke farashin fawa bank ɗin zuwa naira 22,500. Bayan mako guda ya fitar da lambar `SALLAH15` mai ragin kashi 15 cikin 100, ya ba wani mai mabiya da yawa ya tallata masa.

Sai ga kwastoma ɗaya ya haɗa su duka. Ya tarar da farashi naira 22,500. `SALLAH15` ta cire naira 3,375, saura 19,125. `SABO` ta cire 2,000, saura 17,125, kuma wannan shi ne abin da ya biya. Daga ciki mai kanti zai biya ɗan aike naira 2,500. Idan kamfanin da ke karɓar masa kuɗi na cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, wasu naira 357 sun tafi. Abin da ya rage a hannunsa naira 14,268 ne, a kan kayan da ya sayo 19,000. Ya yi asarar naira 4,732 a ciniki ɗaya. Idan wani ya ɗauki hoton yadda aka yi ya jefa a zauren WhatsApp, mutum 300 suka bi sahu, asarar ta haura naira miliyan 1.4, kuma shafin zai ci gaba da nuna masa cewa ciniki na tafiya fiye da kowane lokaci.

Babu wanda ya yi kutse a wannan labari. Babu lambar bogi, babu katin sata. Rangwame huɗu ne da ba a taɓa zama aka lissafa su tare ba.

## Haɗa rangwame: a fara daga hani

Ƙa'idar da ta fi aminci ita ce kowace lamba ta tsaya ita kaɗai, sai fa inda mai kanti ya zauna ya yi lissafi ya buɗe ƙofar da gangan. Manhajojin kanti sun bambanta a nan. A Shopify lamba ba ta haɗuwa da wata sai an shiga sashen `Combinations` an zaɓi irin rangwamen da za ta iya tafiya da shi, na kaya ne, ko na oda gaba ɗaya, ko na kai kaya. A WooCommerce akasin haka ne: sabuwar lamba tana haɗuwa da sauran lambobi har sai an danna akwatin `Individual use only`.

Sai dai wannan akwati bai rufe komai ba, kuma a nan da yawa ke yin tuntuɓe. Aikinsa shi ne hana lamba haɗuwa da wata lamba. Farashin da aka sauke a shafin kaya ba lamba ba ne, don haka bai shafe shi ba. Wannan sai an danna wani akwatin daban, `Exclude sale items`. Kai kaya kyauta da ke kunnuwa da kansa idan sayayya ta kai wani adadi shi ma ba lamba ba ne, a sashen jigilar kaya ake saita shi. Ke nan ƙofofi uku ne, kowacce da nata makullin.

A koma ga fawa bank. A ce mai kanti ya rufe ƙofa biyu na farko, ya mayar da farashi naira 25,000, ya bar `SALLAH15` ita kaɗai. Kwastoma zai biya 21,250. Bayan an cire kuɗin kamfanin biya, kusan naira 419, saura 20,831, riba ke nan ta naira 1,831. Amma 21,250 ya haura 20,000, saboda haka kai kaya kyauta ya kunnu, naira 2,500 sun fita, ribar ta koma asarar naira 669. Har yanzu akwai aiki. Ko dai ya ɗaga iyakar kai kaya kyauta zuwa naira 30,000 a kwanakin rangwamen, ko ya rage lambar zuwa kashi 10 cikin 100. Akwai kuma wani zaɓi a saitin kai kaya kyauta mai suna `Apply minimum order rule before coupon discount`, wanda ke yanke ko za a auna iyakar da farashin kafin ragi ko na bayan ragi. A cinikin farko, da an auna da 17,125 maimakon 22,500, da kwastoman ya biya kuɗin aike da kansa.

Idan har an yarda rangwame biyu su haɗu, sai a yanke wanda zai fara shiga, domin sakamakon ba ɗaya ba ne. Cire kashi 15 daga 22,500 sannan a cire 2,000 na bayar da 17,125. Cire 2,000 da farko sannan kashi 15 na bayar da 17,425. Haka ma lambobi biyu masu kaso: ragin kashi 10 da na kashi 15 a kan naira 25,000, idan aka lissafa kowanne a kan cikakken farashi, ya zama 18,750, idan aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ya zama 19,125. WooCommerce na da zaɓin `Calculate coupon discounts sequentially` don wannan. Bambancin naira 300 ko 375 ba ya kama da abin damuwa, amma a kan kayan da ribarsu ta ragu zuwa ƙasa da naira 2,000, babban kaso ne.

Abu na ƙarshe a wannan babi shi ne lamba mai kaso da ba ta da rufi. Kashi 15 cikin 100 a kan fawa bank naira 3,750 ne. A kan wayar naira 600,000 kuwa naira 90,000 ne, kuma duk mai sayar da waya ya san ribar sabuwar waya siririya ce idan aka kwatanta da ta caja da murfi da gilashin kariya. WooCommerce ba ya zuwa da wurin rubuta cewa ragi kada ya wuce naira kaza. Abin da yake da shi shi ne `Maximum spend`, wanda ke hana lambar aiki idan kwandon sayayya ya wuce wani adadi, da `Exclude categories`, wanda ke fitar da wani rukunin kaya daga rangwamen. Kantin da ke sayar da wayoyi da kayan haɗinsu tare, ya fitar da rukunin wayoyi, ko kuma ya yi amfani da ragin ƙayyadadden kuɗi maimakon kaso.

## Ranar ƙarewa: kwanan wata kaɗai bai isa ba

Lambar da ba ta da ranar ƙarewa bashi ne da ba a san ranar biyansa ba. Hoton sanarwa na iya zama a wayar mutum shekara guda, kuma a ƙasar da farashin kayan lantarki ke bin farashin dala, ragin da ke da ma'ana a watan Maris na iya zama asara a watan Satumba, bayan an sake saro kaya da tsada. `SABO` ta misalin sama irin wannan ce: an ƙirƙire ta ranar buɗe kanti, aka manta da ita.

Amma sa rana ma na da tarkonsa. A WooCommerce, lamba na mutuwa ne da ƙarfe 00:00 na ranar da aka rubuta a `Coupon expiry date`, wato a farkon ranar, ba ƙarshenta ba. Wanda ya sanar cewa rangwame zai kai ranar 30, ya kuma rubuta 30 a akwatin, ya kashe lambarsa tun tsakar daren 29. Washegari kwastomomi za su wayi gari da lamba matacciya a ranar da aka ce musu ita ce ta ƙarshe, ranar da masu jan ƙafa ke tunawa su saya. Gyaran mai sauƙi ne: a rubuta ranar da ke biye.

Sai batun agogo. WordPress na bin lokacin da aka saita masa a `Timezone`, kuma sau da yawa ana barin sa a `UTC+0`. Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi suna gaba da wannan da awa ɗaya, Ghana na daidai da shi, Sudan na gaba da awa biyu. Kantin Kano da aka bari a `UTC+0` zai rufe lambarsa da ƙarfe ɗaya na dare. Wannan ba babbar asara ba ce, amma mai kwastomomi a Accra ko Kumasi ya sani cewa tsakar daren Kano ƙarfe 11 ne a wurinsu. Shi ya sa sanarwa ke buƙatar abu uku: rana, da awa, da agogon ƙasar da ake nufi.

Kalmomi irin su "har zuwa ranar Sallah" ba sa shiga akwatin kwanan wata. Ranar ƙaramar Sallah ta dogara da ganin wata, ba a tabbatar da ita sai daren 29 ga Ramadan, kuma akan samu shekarar da Nijar da Najeriya suka bambanta da kwana ɗaya. Mai kanti ya zaɓi tsayayyiyar rana a kalanda wadda ta wuce duk ranakun da Sallah za ta iya faɗawa, ya rubuta ta ɓaro-ɓaro.

Akwai kuma tambayar da masu biya ta taransfa ke haifarwa. Mutum ya yi oda da ƙarfe 11:50 na dare, ya tura kuɗi, banki ya riƙe kuɗin bai shiga ba sai 12:20. Lambar ta ƙare ko ba ta ƙare ba? Adalci shi ne a auna da lokacin da aka yi odar, a ba ta wa'adin biya, misali minti 30 ko awa ɗaya, idan ya wuce ba a biya ba a soke ta, lambar ta koma cikin lissafi. Kwastoma ba shi ke da iko da jinkirin banki ba. Amma wa'adin dole ya kasance, in ba haka ba mutum zai ajiye oda goma a farashin rangwame ya riƙa biya ɗaya bayan ɗaya har wata mai zuwa.

Ɗabi'ar da ta fi ɓata amfanin ranar ƙarewa ita ce ƙarin wa'adi a kai a kai, da agogon ƙirge na ƙarya wanda ke komawa farko duk lokacin da aka sake buɗe shafin. Kwastoman da ya ga "saura awa biyu" sau uku a mako guda ya koyi darasi ɗaya: kada ya ƙara sayen komai a kantin nan a kan cikakken farashi. Ban da haka, dokar gasa da kare masu saye ta Najeriya ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta haramta yaudarar masu saye da bayanin ƙarya. Wa'adin da aka sanar, a cika shi.

## "Sau ɗaya ga kowane kwastoma": wane ne kwastoma?

Wannan ita ce ƙa'ida mafi sauƙin rubutawa kuma mafi wuyar tsarewa, domin shafi ba ya ganin mutum, alama kawai yake gani. A WooCommerce, `Usage limit per user` na gane wanda ya shiga asusunsa da lambar asusun, wanda kuma ya saya a matsayin baƙo da adireshin imel ɗin da ya rubuta. Imel kuwa kyauta ne. Ba ma sai an buɗe sabo ba: Gmail ba ya la'akari da ɗigo a cikin sunan adireshi, kuma yana karɓar duk abin da aka ƙara bayan alamar `+`. Adireshi ɗaya na iya bayyana da fuskoki da dama, saƙonnin duka su faɗa akwati ɗaya, shafin kuma ya ɗauka mutane daban-daban ne.

Lambar waya ta fi ƙarfi, musamman yanzu da sayen layi a Najeriya ke buƙatar lambar NIN. Amma sai an cika sharaɗi biyu. Na farko, a tura gajeren saƙon tabbatarwa a wayar, in ba haka ba kowa na iya rubuta lambar da ya ga dama. Na biyu, a daidaita rubutun lambar kafin a adana ta, domin layi ɗaya na iya zuwa da `0` a farko, ko `234`, ko `+234`, kuma rumbun bayanai zai ƙirga su uku. Ko da an yi haka, mai layi biyu kwastoma biyu ne a idon shafin, kuma waya mai layi biyu ita ce ruwan dare.

Ga masu biya da kati akwai wata alama. Paystack na dawo da `signature` a bayanan kati, alama ce da ke zama iri ɗaya duk lokacin da aka yi amfani da kati ɗaya, ba tare da mai kanti ya ga lambar katin ba. Da ita ake gane asusu biyar da kati ɗaya ke biya musu. Ba ta aiki ga mai taransfa ko mai biya idan kaya ya iso.

Abin da bai kamata a dogara da shi ba shi ne adireshin IP da adireshin gida. Kamfanonin sadarwa kan sa masu waya da yawa su fita intanet ta adireshin IP ɗaya, don haka toshe shi na nufin toshe mutanen da ba su san juna ba. Gida ɗaya kuwa a Kano ko Zariya ko Zinder na iya ɗauke da iyalai da dama, ban da ɗakunan kwanan ɗalibai da ofisoshi da tashar mota da ake aika wa mutane kaya.

Tunda babu alamar da ba ta da ɓaraka, iyakar kowane kwastoma ba za ta tsaya ita kaɗai ba. Tana buƙatar iyakar jimla a bayanta, wato `Usage limit per coupon`. Wannan ita ce ke bayar da adadin da aka ambata a farko. Idan `SALLAH15` za ta yi aiki sau 300 kacal, kuma `Maximum spend` ya tsaya a naira 40,000, mafi girman ragi a oda ɗaya naira 6,000 ne, mafi girman abin da lambar za ta cinye naira miliyan 1.8. Mai kanti na iya kallon wannan adadi ya ce ya yi yawa, ya mayar da 300 zuwa 150. Wannan shawara ce ta ɗan kasuwa, kuma ba ta yiwuwa sai da adadi a gabansa.

Idan ragin babba ne, hanya mafi tsafta ita ce a daina amfani da kalma ɗaya ga kowa. A samar wa kowane kwastoma lambarsa ta musamman mai haruffa da alƙaluma a cakuɗe, mai aiki sau ɗaya. Ko ta fita zuwa zauren WhatsApp, mutum ɗaya ne zai ci. Wannan na magance wata matsalar kuma: wanda ya ga `SALLAH15` zai gwada `SALLAH20` da `SALLAH30`, kuma idan akwai wata da aka ƙirƙira don gwaji aka manta ba a goge ba, zai same ta.

## Inda masu rubuta manhaja ke faɗawa

Wanda ya sa aka gina masa kanti daga tushe, ba da manhaja da aka riga aka gwada ba, yana da ƙarin haɗari. Hanyar da ta fi zuwa wa mai rubuta manhaja a kai ita ce matakai uku: a duba ko an yi amfani da lambar, a cire ragin, sannan a rubuta cewa an yi amfani da ita. Tsakanin matakin farko da na uku akwai ɗan lokaci ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Idan buƙata biyu suka iso a wannan tsakani, kowacce za ta duba ta ga lambar ba a taɓa ta ba, kowacce ta wuce. A 2015 wani mai binciken tsaron intanet, Egor Homakov, ya nuna irin wannan ɓaraka a katunan kyauta na Starbucks, inda ya aika buƙatun tura kuɗi biyu a lokaci guda ya samar da kuɗin da babu su. Ba sai ƙwararre ba ma: hanyar sadarwa mai rauni da ɗan yatsa mai danna maɓallin biya sau uku na iya haifar da hakan.

Maganin shi ne dubawa da ƙirgawa su zama umarni ɗaya a rumbun bayanai:

```sql
UPDATE coupons
SET used = used + 1
WHERE code = 'SALLAH15'
  AND used < max_uses
  AND expires_at > NOW();
```

Idan umarnin bai canza ko layi ɗaya ba, lambar ta ƙare ko ta cika, sai a ƙi ragin. Iyakar sau ɗaya ga kwastoma kuwa, a ɗora `UNIQUE (coupon_id, customer_id)` a teburin da ke adana amfani da lambobi, rumbun da kansa zai ƙi karɓar na biyu. Kuma duk wannan lissafi a sabar kantin ake yin sa a lokacin da ake kammala oda. Farashin da wayar kwastoma ta aiko ba abin dogaro ba ne, haka ma agogonta, tunda kowa na iya mayar da kwanan watan wayarsa baya.

## Mayar da kaya ma ƙofa ce

A ce akwai lambar ragin naira 3,000 ga sayayyar da ta kai 30,000. Kwastoma ya ɗauki fawa bank na 25,000 da wayar caji ta 5,000, ya biya 27,000. Bayan kwana biyu ya dawo da fawa bank ɗin. Idan aka mayar masa da 25,000 cif, ya samu wayar caji ta naira 5,000 a kan 2,000, kuma sayayyarsa ba ta kai ko kusa da iyakar ba. Daidai shi ne a raba ragin gwargwadon farashin kowane kaya tun lokacin oda: 2,500 a kan fawa bank, 500 a kan wayar caji. Sai a mayar masa da 22,500. Haka kuma a yanke tun farko ko lambar za ta dawo ga wanda ya mayar da kaya. Idan laifin kanti ne, kaya ya zo a lalace ko ba shi aka yi oda ba, ya cancanci a dawo masa da ita.

## Ga masu cewa tsauri na korar kwastoma

Wannan ƙorafi na da ƙamshin gaskiya. Kowane mataki da aka ƙara a shafin biya na zubar da wasu masu saye. Saƙon tabbatarwa na cin kuɗi, wani lokaci ma ba ya isowa. Akwai gidajen da miji da mata ko uwa da ɗa ke amfani da waya ɗaya, kuma ƙa'idar layi ɗaya za ta hana na biyu haƙƙinsa. Tara lambobin waya da alamun kati kuma na ɗora wa mai kanti nauyin kare su ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023.

Amsar ita ce tsaro ya yi daidai da girman abin da ake tsarewa. Ragin naira 500 a kan murfin waya bai cancanci saƙon tabbatarwa ba. Imel da iyakar jimla sun isa, idan wani ya ci sau biyu ba a yi asarar a zo a gani ba. Ragin naira 10,000 ya cancanci lamba ta musamman da tabbatar da layi.

Sannan ba ƙa'ida ce ke fusata kwastoma ba, mamaya ce. Mutumin da ya karanta tun a sanarwa cewa lambar na aiki sau ɗaya, ba ta haɗuwa da wani rangwame, ban da wayoyi, kuma za ta ƙare ranar 30 da ƙarfe 11:59 na dare agogon Najeriya, ba zai ji an zalunce shi ba. Wanda ya cika kwando, ya rubuta adireshi, sannan ya ga "lamba ba ta aiki" ba tare da dalili ba, shi ne zai tafi ba ya dawowa. Saƙon ƙin karɓa ya faɗi dalili: ta ƙare ranar kaza, ko an riga an yi amfani da ita a wannan layi, ko saura naira kaza sayayya ta kai iyaka. Idan kwastoma ya saka lambobi biyu da ba sa haɗuwa, a bar masa wadda ta fi masa amfani.

Mafi munin zaɓi shi ne wanda masu kanti da yawa ke komawa gare shi bayan ɓarna ta auku: soke odar da aka riga aka biya, da sanarwar cewa wasu sun ci zarafin rangwamen. Mutum ya biya farashin da shafin ya nuna masa, da lambar da kantin ya tallata. Soke cinikinsa na iya ceto naira 4,732, amma hoton saƙon sokewar zai bi zaurukan da hoton lambar ya bi.

Gwajin da ke hana wannan ba ya buƙatar ƙwararre. Kafin a aika sanarwa, mai kanti ya buɗe shafinsa kamar baƙo, ya ɗauki kayan da ya fi ƙarancin riba, ya saka duk lambobin da ke raye a kantin ɗaya bayan ɗaya, ya sake gwadawa da imel mai ɗigo, ya duba awar da lambar za ta mutu. Sannan ya cire kuɗin aike da na kamfanin biya daga abin da ya rage, ya kwatanta da farashin sari. Idan adadin ya faɗi ƙasa da naira 19,000, lambar ba ta shirya fita ba.